Kolastarol da magungunan rage shi ga masu ciwon sukari

Kolastarol wani nau'in maiƙo ne da ke yawo a cikin jini, wanda hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, ragowar kuma ya fito daga abinci. Jiki yana bukatarsa wajen gina bangon ƙwayoyin halitta da haɗa wasu sinadarai, amma idan ya yi yawa yakan taru a bangon hanyoyin jini har su tsuke, daga nan a samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar ƙafa. Mai ciwon sukari yana fuskantar haɗarin cututtukan zuciya da hanyoyin jini kusan ninki biyu na wanda ba shi da ciwon. Shi ya sa adadin kolastarol da ake so ya tsaya a kai ya fi na sauran mutane ƙasa, kuma akan ba shi maganin rage shi ko da sakamakon gwajinsa bai nuna hauhawa ba.

A garuruwan kwarin Rima kamar Ambursa da Argungu da Birnin Kebbi, abin da aka fi aunawa ga mai ciwon sukari shi ne sukarin da hawan jini, domin su ne ake iya yi nan take. Gwajin kolastarol sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko na Asibitin Sir Yahaya.

Suna

A Hausa ana jin "kitsen jini" da "maiƙon jini" da kuma kalmar aro "kolastarol". Sunan farko yana da wata illa, domin kitse a kunnen Bahaushe yana tafiya da ƙiba, sai siririn mutum ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Alhali manomi ramamme mai ciwon sukari yana iya zama da kolastarol fiye da na mai teɓa, tunda hanta ce ke yin yawancinsa kuma gado yana da hannu a ciki. Yawansa kuma ba ya kawo ciwon kai ko kasala ko wata alama da mutum zai ji. Gwaji kaɗai ke nuna shi.

Abin da takardar gwaji ke nunawa

Takardar sakamako takan zo da layi huɗu. TC shi ne jimillar kolastarol. LDL shi ne nau'in da ke maƙalewa a bangon hanyoyin jini, kuma shi ne magani ke hari. HDL shi ne wanda ke mayar da kolastarol zuwa hanta. TG kuwa tiraigilisarayid ne, wani maiƙon daban da ke hawa sosai idan sukari bai daidaita ba. Abin da aka saba gani ga mai ciwon sukari nau'i na biyu shi ne TG a sama, HDL a ƙasa, LDL kuma ba lallai ya yi yawa ba, sai dai ƙwayoyinsa ƙanana ne masu saurin kutsawa cikin bango. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa sakamakon da aka rubuta wa "daidai" bai isa ya kwantar wa mai ciwon sukari hankali ba, domin ma'aunin da ke gefen takardar na mutanen da ba su da ciwon ne.

Ɗakunan gwaji a Najeriya suna amfani da ma'auni biyu, wasu mmol/L wasu mg/dL, kuma rikita su kuskure ne da ke faruwa. Ga kolastarol, 1 mmol/L daidai yake da kimanin 38.7 mg/dL. A wannan muƙala an yi amfani da mmol/L.

Yawancin ɗakunan gwaji ba sa auna LDL kai tsaye. Lissafa shi suke yi da ƙa'idar da Friedewald da abokan aikinsa suka wallafa a 1972:

```
LDL = TC − HDL − (TG / 2.2)     mmol/L
LDL = TC − HDL − (TG / 5)       mg/dL
```

Ƙa'idar ba ta aiki idan TG ya haura 4.5. Ko kafin a kai nan, yawan TG yakan sa lissafin ya nuna LDL ƙasa da yadda yake, mara lafiya ya tafi gida yana murna. A irin wannan hali akan cire HDL daga TC kawai a yi aiki da abin da ya rage, kuma adadin da ake nema a wannan ma'auni ya ɗara na LDL da 0.8.

Hujjar ba da magani

Magungunan da aka fi dogara da su su ne dangin sitatin, waɗanda Akira Endo na ƙasar Japan ya gano na farkonsu a jikin wani nau'in funfuna a shekarun 1970. Aikinsu shi ne rage kolastarol ɗin da hanta ke yi, sai hantar ta koma tana janyo LDL daga jini.

Binciken CARDS da aka wallafa a 2004 ya ɗauki masu ciwon sukari nau'i na biyu su 2,838 a Birtaniya da Ailan, waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba kuma LDL ɗinsu bai yi yawa ba. An ba rabinsu atobastatin miligiram 10 a kullum, rabi kuma ƙwaya marar magani. Manyan matsalolin zuciya da hanyoyin jini sun ragu da kashi 37 cikin ɗari a wajen masu shan maganin, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 48, har aka dakatar da binciken kafin lokacinsa. A 2008 aka haɗa bayanan masu ciwon sukari 18,686 daga bincike 14, aka ga duk saukar LDL da 1 mmol/L tana rage waɗannan matsaloli da kusan kashi 21 cikin ɗari.

Waɗannan bincike ba a Afirka ta Yamma aka yi su ba. Abin da ake da shi daga nan gida shi ne binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana, wanda asibitocin Kano da Zariya suka shiga, aka wallafa sakamakonsa a 2018. Ya nuna hawan jini ne kan gaba da tazara mai yawa, amma rashin daidaiton maiƙon jini da ciwon sukari suna cikin manyan dalilai. Ke nan sitatin ba ya maye gurbin maganin hawan jini, tare suke tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ba mai ciwon sukari nau'i na biyu da ya kai shekara 40 sitatin, kuma a 2022 ƙasashen da ke cikinta suka amince da burin cewa zuwa 2030 kashi 60 cikin ɗari na masu ciwon sukari 'yan shekara 40 zuwa sama su kasance suna samunsa.

Adadin da ake nema

Babu adadi guda ga kowa. Ana duba girman haɗarin mutum ne, kuma ƙa'idojin likitocin zuciya na Turai na 2019 sun kasa masu ciwon sukari gida uku.

| Matakin haɗari | Waɗanda ke ciki | LDL da ake nema |
|---|---|---|
| Matsakaici | Masu ƙarancin shekaru, ciwon bai kai shekara 10 ba, babu wani abin haɗari | ƙasa da 2.6 mmol/L, wato 100 mg/dL |
| Babba | Ciwon ya kai shekara 10, ko akwai ƙarin abu kamar hawan jini ko shan taba | ƙasa da 1.8 mmol/L, wato 70 mg/dL |
| Mafi girma | An taɓa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ya taɓa ƙoda ko ido | ƙasa da 1.4 mmol/L, wato 55 mg/dL |

A matakai biyu na ƙarshe akwai ƙarin sharaɗi: LDL ya sauka da aƙalla rabin yadda yake kafin a fara magani. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta ɗauki adadin 1.8 da 1.4 tun daga ƙa'idojinta na 2023. Matakin farko a aikace ba shi da mutane da yawa, domin akasarin waɗanda ake gano ciwonsu a asibiti sun riga sun haura shekara 40, da yawa suna da hawan jini, kuma ba a san shekara nawa ciwon ya yi a ɓoye ba.

Sharaɗin rabin nan shi ne ke sa gwajin farko ya zama da daraja. Wanda ya fara magani ba tare da an auna shi ba, ba za a taɓa sanin daga inda ya taso ba. Duk da haka rashin kuɗin gwaji ba dalili ne na hana ɗan shekara 55 mai ciwon sukari sitatin ba, tunda shekarunsa da ciwonsa sun riga sun yanke hukuncin.

Zaɓen sitatin

Ana raba sitatin bisa ƙarfi. Mai matsakaicin ƙarfi yana rage LDL da kashi 30 zuwa 49 cikin ɗari, kuma a nan akwai atobastatin miligiram 10 zuwa 20, da rosubastatin 5 zuwa 10, da simbastatin 20 zuwa 40. Mai ƙarfi sosai yana rage rabi ko fiye, wato atobastatin 40 zuwa 80 ko rosubastatin 20 zuwa 40. Lambar miligiram ba ta nuna ƙarfi tsakanin magani da magani: rosubastatin 10 ya fi simbastatin 40 aiki.

Akwai wata ɗabi'a ta waɗannan magunguna da ke ba mutane mamaki. Mafi yawan aikin yana cikin awon farko, ninka awon kuma ba ya ƙara sai kimanin kashi 6 cikin ɗari. Wanda atobastatin 20 ya sauke masa LDL da kashi 43, idan aka kai shi 40 abin da zai samu bai wuce 49 ba. Don haka likita kan lissafa tun farko kashi nawa ake bukata, ya zaɓi maganin da zai iya kaiwa can.

Simbastatin ya daɗe a kasuwa kuma yana da sauƙin kuɗi, amma yana da tarko ɗaya da ya shafi Najeriya ƙwarai. Amlodifin yana cikin magungunan hawan jini da aka fi rubutawa a ƙasar, kuma yana ƙara yawan simbastatin a jini. Tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙayyade kada simbastatin ya wuce miligiram 20 ga mai shan amlodifin. Haka nan ba a haɗa simbastatin da kilaritiromaisin ko eritiromaisin, ko magungunan funfuna irin su ketokonazol, ko wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Tunda a kemis ana sayar da eritiromaisin ba tare da an tambayi mutum me yake sha ba, atobastatin ko rosubastatin sun fi dacewa ga yawancin masu ciwon sukari da hawan jini, ko da yake atobastatin ma yana bukatar a rage shi ko a ɗan dakatar idan za a sha kilaritiromaisin.

Ƙoda ita ce ke raba gardama tsakanin waɗannan biyu. Atobastatin ta hanta yake fita, ba a canza awonsa saboda ƙoda. Rosubastatin kuwa, idan aikin ƙoda ya yi rauni sosai, ana farawa da miligiram 5 kuma ba a wuce 10. Game da lokacin sha, simbastatin da dare ake shansa saboda ba ya daɗewa a jiki kuma hanta ta fi yin kolastarol da dare. Sauran biyun kowane lokaci ya yi, muddin an tsaya a kan lokaci guda. Da azumi babu wata matsala, ana sha bayan buɗa baki ko kafin a kwanta.

Mace mai ciki ko mai neman ciki akan dakatar mata da sitatin, haka ma mai shayarwa. Wannan yana da nauyi a inda mata ke haihuwa har cikin shekarunsu na arba'in kuma ake shayarwa kusan shekara biyu, don haka tambayar haihuwa tana zuwa kafin rubuta maganin.

Misali

A ɗauki misalin wani manomin shinkafa a Ambursa, ɗan shekara 54, wanda ya shekara 11 da ciwon sukari, yana shan metfomin da amlodifin, bai taɓa ciwon zuciya ba, kuma gwajin fitsari bai nuna ƙodarsa ta taɓu ba. Sakamakonsa ya nuna TC 5.9, HDL 1.0, TG 2.2. Idan aka raba 2.2 da 2.2 an samu 1.0, sai a cire 1.0 na HDL da wannan 1.0 daga 5.9, LDL ya zama 3.9.

Daɗewar ciwon da hawan jini sun sa shi a mataki na biyu, abin nema ke nan ƙasa da 1.8. Daga 3.9 zuwa 1.8 sauka ce ta 2.1, wato kimanin kashi 54 cikin ɗari. Simbastatin 20 zai rage kusan kashi 35, ya bar shi a wajen 2.5, kuma ba za a iya ƙara awon ba saboda amlodifin. Ke nan an fitar da shi daga lissafi tun kafin a saya. Atobastatin 40 zai rage kusan rabi, ya kai shi wajen 2.0.

Ana sake gwaji bayan mako 4 zuwa 12. A ce bayan mako takwas an samu 2.0. Maganin ya yi abin da aka zata, saura kaɗan. Hanya ɗaya ita ce a ninka zuwa 80, wanda zai kai shi dab da 1.8. Ɗaya hanyar ita ce a bar shi a 40 a ƙara ezetimaib miligiram 10, maganin da ke hana hanji tsotse kolastarol, wanda ke rage kusan kashi 20 zuwa 25 na abin da ya rage, sai LDL ya koma wajen 1.5 ko 1.6. Ta biyun ta fi aiki, ta farkon ta fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Ga mutumin da ke sayen magani daga aljihunsa wata-wata, 2.0 da aka riƙe shekara da shekaru ya fi 1.5 na wata uku da ya ƙare da barin magani gaba ɗaya, domin LDL yana komawa inda yake cikin makonni kaɗan bayan an daina sha.

Idan kuma sakamakon ya dawo 3.1, wato saukar kashi 20 kawai, ƙara awo ba shi ne matakin farko ba. Abin da ya fi yawa shi ne ba a sha kullum: an sayi kati ɗaya ya ƙare, ko an ɗauka irin maganin zazzaɓi ne da ake gamawa. Ƙirga ƙwayoyin da suka rage yakan bayyana wannan. Bayan haka a duba ingancin maganin, lambar NAFDAC da ranar lalacewa da inda aka ajiye shi, musamman a zafin watan Afrilu. Rifamfisin na masu tarin fuka yana rage ƙarfin atobastatin da simbastatin. Raunin ƙullin tayirod da ke wuya, da zubar furotin mai yawa a fitsari, dukansu suna ɗaga LDL, kuma gwaji yana gano su.

Illoli da yadda ake gane su

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ciwon tsoka. Wanda sitatin ke kawowa yakan kama ɓangarori biyu na jiki daidai, a manyan tsokoki kamar cinyoyi da kafaɗu, yakan fara cikin makonni bayan soma magani ko ƙara awo, ya lafa idan an daina. Ciwon gwiwa ɗaya, ko ciwon jiki mai zuwa da zazzaɓi a damina, ko zafi da ƙaiƙayin tafin ƙafa da ciwon sukari kansa ke haddasawa, ba nasa ba ne. A binciken SAMSON na 2020 an ba mutum 60 da suka bar sitatin saboda illa wata na magani, wata na ƙwaya marar magani, wata na ba komai, ba tare da sun san wace ƙwaya suke sha ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na damuwar da suka ji da maganin sun ji ta da ƙwayar banzar ma. Abin da likita kan yi shi ne ya dakatar na mako biyu zuwa huɗu, sannan ya dawo da ƙaramin awo ko wani sitatin daban, kuma yawancin mutane suna samun wanda ya karɓe su.

Akwai nau'i mai tsanani da ba safai ake gani ba, inda tsoka ke narkewa: ciwo mai ƙarfi, rashin ƙarfin tashi daga zaune, da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi. Wannan na bukatar a daina magani a tafi asibiti a ranar, domin yana iya kashe ƙoda. Gwajin CK ke tabbatar da shi, amma baƙar fata da masu aikin ƙarfi suna da CK sama da ma'aunin da ke kan takarda ko ba magani, don haka ɗan hawa kaɗan ga manomi ko masunci ba hujja ba ce.

Ana auna hanta da gwajin ALT kafin a fara. Ciwon hanta nau'in B da ke kwance bai hana sitatin ba, amma shawara mai ƙarfi ko hantar da ta gaza tana hanawa. Sitatin yana ɗan ɗaga sukari, amma kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da amfaninsa.

Tiraigilisarayid da sauran magunguna

Idan TG ya hau, abin farko shi ne daidaita sukari, domin sau da yawa shi kaɗai yana saukar da shi. Rage lemon kwalba da shayi mai sukari da yawan farar shinkafa ya fi tasiri a nan fiye da rage mai. Idan ya kai 5.6 ko fiye, haɗarin kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, shi ne abin tsoro, kuma a nan ake amfani da fenofaibiret. A ƙasa da haka ƙara shi a kan sitatin bai rage bugun zuciya ba a binciken ACCORD na 2010. Ɗan uwansa jemfaiburozil ba a haɗa shi da sitatin saboda haɗarin tsoka.

Akwai allurai na zamani masu toshe sinadarin PCSK9, da ake yi duk mako biyu ko wata, masu rage LDL da kashi 50 zuwa 60 a kan abin da sitatin ya yi. Suna da tsada ƙwarai kuma sai an ajiye su a firji.

Abinci

Abin da ya fi ɗaga LDL a abinci shi ne mai mai daskarewa: man shanu, kitsen tsire da balangu, kayan ciki, manja idan ya yi yawa, da man suya da aka yi ta maimaitawa. Man gyaɗa da na waken soya sun fi sauƙi. Wake da kuɓewa da kuka da gero suna taimakawa wajen rage abin da hanji ke tsotsa, kuma kifin da Argungu ta yi suna da shi ya fi jan nama idan aka gasa ko aka dafa shi a miya maimakon a soya. Gyaran abinci yakan rage LDL da kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ga manomin misalin da ke sama, wannan zai sauke shi daga 3.9 zuwa wajen 3.4 ne kawai, shi ya sa ake fara masa abinci da magani a lokaci guda.